Amsa: Saƙo ya isa kafin a aika shi

"Na duba rajistar sabobi biyu, na ga B ta karɓi saƙo kafin A ta aika shi. Ina matsalar?"

Malam, agogo ne ya yaudare ka. Kowace na'ura da nata agogon, kuma ba su tafiya daidai: wani na gaggawa, wani na jan ƙafa. Ko da NTP, tsarin da ke daidaita agogon na'urori ta intanet, na gyara su, ba a rasa ɗan bambanci. A ce agogon B ya yi baya da milisakan 50, saƙon kuma ya ɗauki 10 a hanya. A ta rubuta 1000, B za ta rubuta 960. Ka ga jeri ya birkice.

Dabarar da Leslie Lamport ya kawo a 1978 ita ce a bar agogo, a koma ƙirga. Kowace saba ta riƙe lamba, ta ƙara ɗaya duk sanda wani abu ya faru, ta liƙa lambar a jikin saƙo. Mai karɓa ya yi haka, inda c ita ce lambarsa, t kuma lambar da ke jikin saƙon:

```
c = max(c, t) + 1
```

In A ta aika da 7 alhali B na kan 3, B ta koma 8.

Sai dai fa a kula, ƙaramar lamba ba hujja ba ce cewa abin ya riga ɗayan faruwa, wataƙila ma ba su san da juna ba. In gano wannan kake so, sai agogon bekta, inda kowace saba ke riƙe ƙirgar kowa.