Yadda ake ɗage zama ba tare da an ga sakaci ba

Tambaya: "Na sa wa wani Alhaji, dillalin shinkafa a Birnin Kebbi, zama ranar Talata ƙarfe 10, sai ga tafiya Argungu ta taso mini. Yaya zan ɗage kada ya ce na raina shi?"

Ka kira shi yau, kada ka bari sai safiyar Talata. Babba ne, saƙon waya kaɗai zai yi kama da aike. Bayan gaisuwa ka ce: "Ranka ya daɗe, ina neman afuwa, tafiya Argungu ta kama ni ranar Talata. Ko Laraba bayan La'asar, ko Alhamis ƙarfe 10, wanne ya fi maka sauƙi? Ni zan same ka." Ranaku biyun nan su ne ke nuna ba gudun zaman kake ba. "Za mu yi waya" kuwa, mutum yakan ɗauka an watsar da maganar.

Dalili ɗaya ya isa, kuma na gaskiya. Dogon bayani na sa zargi. Kada ka zaɓi ranar da ba ka da tabbacinta, don ɗagewa ta biyu ita ke zubar da mutunci. Na taɓa yin haka, cinikin ya kuɓuce mini, har yau abin na damuna.

In ya amince, tura saƙo da sabuwar ranar. Idan akwai wa'adin biya a rubuce tsakaninku, tuntuɓi lauya kafin ka ɗage.