Kwanan watan agogona da tsakar rana yake canzawa, na lalata shi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da agogon hannu na batir, mai nuna kwanan wata da rana. Tun da aka sauya masa batir, kwanan watan ba ya canzawa sai ƙarfe 12 na rana. Na ji ana cewa ba a saitin kwanan wata da dare, shi ya sa na gwada da ƙarfe 11 na safe. Maɓallin gefen ya cije, na ɗan matsa masa, yanzu lambar ta tsaya rabi a sama rabi a ƙasa. Wani ya ce batirin ne jabu, kuma wai agogon batir ba ya lalacewa don an murɗa shi. Hankalina ya tashi, domin kyautar mahaifina ce.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai ka ɗauke hannunka daga maɓallin nan, kada ka ƙara murɗa shi a matakin farko, wato inda yake tsayawa in ka ɗan jawo shi don saita kwanan wata, sai ka gama karanta wannan. Mai yiwuwa ne ƙwarai ba abin da ya karye, kuma akwai gwajin minti biyu da zai nuna maka. Batirinka kuwa ba shi da laifi. Batir mai rauni tsayar da agogo yake yi, a wasu agogunan kuma sai ka ga hannun sakan yana tsalle biyu-biyu. Bai da hanyar da zai ɗauke canjin kwanan wata daga dare ya kai shi rana.

Abin da ya faru ranar sauya batir shi ne, wanda ya sauya ya dubi lokaci, ya juya hannayen suka tsaya daidai, ya miƙo maka. Bai duba ko agogon yana zagayen safe ne ko na dare ba. Gajeren hannu sau biyu yake kewaya fuskar agogo a kwana ɗaya, amma a ciki akwai wani faifai mai haƙora da yake kewayawa sau ɗaya tak cikin awa 24, shi ne mai tura kwanan wata. Naka yana tafiya da saɓanin awa 12. Tsakar ranarka ita ce tsakar darensa.

To ka ga inda shawarar da ka ji ta yaudare ka. Gaskiya ce, amma an yanke mata rabi. Daren da ake nufi daren agogo ne, ba wanda kake gani a waje ba. Da ƙarfe 11 na safen nan da ka kama maɓalli, a lissafin agogonka ƙarfe 11 na dare ne, wato tsakiyar lokacin da aka hana taɓawa.

Bari in daɗe a nan, domin kusan kullum sai an kawo mini agogon da wannan magana ta "ai na batir ne, ba ya lalacewa" ta jawo masa rauni, kuma na gaji da jin ta. Mutane sun ɗauka tun da batir ne a ciki, to babu komai sai waya da lantarki. Ba haka ba ne. Aikin lantarkin ya ƙare a wajen ƙirga sakan da motsa wani ɗan ƙaramin moto sau ɗaya a kowace sakan. Daga nan zuwa hannaye, zuwa kwanan wata, zuwa sunan rana, duk faya-fayai ne masu haƙora suna cizon juna, kamar dai na agogon da ba na batir ba, kuma a agogo mai sauƙi wasunsu ma na roba ne. Lambobin nan daga 1 zuwa 31 a jikin zobe ɗaya aka rubuta su, zoben yana da haƙora 31 ta ciki. Faifan awa 24 da na ambata yana ɗauke da wani ɗan yatsa. Idan agogo ya kai wajen ƙarfe 9 zuwa 10 na darensa, yatsan nan zai matso ya shiga tsakanin haƙoran zoben, ya riƙa tura shi a hankali har lambar ta faɗa wurinta wajen ƙarfe 12. Bayan nan sai a koma kan faifan rana, wanda ba ya gama juyawa sai wajen ƙarfe 3 ko 4 na asuba. Shi kuma saitin gaggawa na matakin farko, wani faifai ne dabam da yake kama wannan zobe ɗin dai ya ja shi. Ka ga ke nan idan ka murɗa a wannan tsakanin, kana jan zobe alhali yatsa na maƙale a haƙorinsa. Cijewar da ka ji ita ce yatsan ya tokare. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wanda zai ce maka ya sha yin haka ba abin da ya faru. Na yarda, domin injina da yawa an yi musu yatsa mai sifirin wanda yake kaucewa idan an matsa masa, iyakaci washegari kwanan wata ya ƙi canzawa. Amma da ganin agogo daga waje ba za ka san irin wanda ke ciki ba, kuma shi mai ba ka shawarar ba shi zai nemo maka wani yatsan ba in ya karye. Shi ya sa takardun da ke zuwa da agogo suke hana saitin kwanan wata daga ƙarfe 9 na dare zuwa 3 ko 4 na asuba.

Yanzu gwajin. Cire agogon daga hannunka tukuna, domin jan maɓalli yana ɗaure a hannu yana lanƙwasa siririn ƙarfen da ke riƙe da shi. Ja maɓallin har mataki na biyu, na ƙarshe, inda hannun sakan yake tsayawa. Juya hannayen gaba, yadda suke tafiya da kansu, a hankali, idonka a kan 'yar tagar kwanan wata. A wannan mataki ba ka faɗa da yatsan, shi kansa kake tuƙawa, don haka babu haɗari. Idan lambar da ta karkace ta ƙarasa ta faɗa daidai wajen ƙarfe 12, sunan rana ya biyo baya, to ka tsira. Idan gajeren hannu ya wuce 12 sau biyu lambar ba ta motsa ba, yatsan ya ji ciwo. Idan tana motsawa amma kullum a karkace take tsayawa, ɗan sifirin da ke danne zoben a wurinsa ne ya goce. Waɗannan biyun sai an buɗe agogon, kada ka ci gaba da gwadawa.

Mu ɗauka ka tsira, mu kuma ɗauka yau Laraba ce, 15 ga wata, ƙarfe 4 da minti 20 na yamma. Inda lambar ta faɗa ɗazu, nan ne tsakar daren agogo. Ci gaba da juya hannaye har su kai ƙarfe 6. Mukan zaɓi 6 ne saboda ko ta safe ce ko ta yamma, tana nesa da wurin da yatsan yake aiki, don haka ko wanda bai san zagayen da agogonsa yake ciki ba ya kuɓuta. Sai ka tura maɓallin ciki gaba ɗaya, ka sake jawo shi a hankali zuwa mataki na farko. Mutane da yawa suna tsallake shi ba su sani ba, don tazarar kaɗan ce, za ka ji ɗan ƙas. A yawancin agogo masu kwanan wata da rana, murɗawa ta gefe ɗaya tana canza lamba, ta ɗaya gefen tana canza rana. Wane gefe ne na wanne, ya danganta da injin, gwadawa za ka yi.

Kada ka sa na yau. Ka sa na jiya, Talata, 14. Sannan ka ja maɓalli zuwa mataki na biyu, ka juya hannaye gaba har 14 ta koma 15 da kanta. In ta canza tun a 12 ta farko ko sai ta biyu, duk ɗaya ne, wurin da ta canza shi ne tsakar dare, ka gani da idonka. Ci gaba, Talata za ta koma Laraba kafin ƙarfe 4. Wannan ƙarfe 4 da minti 20 da za ka fara tararwa ta asuba ce, kuma a nan ne mai sauya batir ya tsaya ya jawo maka wannan duka. Wuce ta, ka haye 12 sau ɗaya, ka tabbatar lambar ba ta motsa ba, sannan ka iso 4 da minti 20 ta yamma.

Idan kana son sakan ma ta zauna daidai, ka tura maɓallin ciki hannun sakan ya tashi, sannan ka sake jan shi zuwa mataki na biyu a daidai lokacin da hannun sakan yake kan 12. Ka wuce mintin da kake nema da kamar minti 4 ko 5, sannan ka dawo baya ka tsaya a kansa. Wannan yana ɗauke ɗan sakin da ke tsakanin haƙora, don kada dogon hannu ya yi jinkirin tashi. Ka sa minti ɗaya gaba da lokacin da ake ciki, ka jira agogon da ka amince da shi ya iso, ka danna. Ɗan komawa baya irin wannan ba ya cutarwa. Abin da ba na so shi ne mayar da hannaye baya su tsallake tsakar dare.

Wata rana da tsakar dare za ka iya ganin sunan rana ya fito da wani yare. Ba lalacewa ba ce, faifan yana ɗauke da yare biyu a jere, yana bi ta kan ɗayan ne a hanyarsa, kafin asuba zai dawo. Kuma agogon nan bai san tsawon wata ba, kowane wata 31 ne a wurinsa. Sau biyar a shekara za ka tura lambar da hannunka, bayan Fabrairu, Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba. Ka yi shi ranar 1 ga sabon wata da safe bayan ƙarfe 6, a mataki na farko, lamba kaɗai, ba ka taɓa rana ba domin ita tana daidai.

In ka gama, danna maɓallin har ya zauna a jikin agogon, ka ga hannun sakan ya tashi. Ta wurin nan ƙura da ruwa suke shiga, kuma kada ka ja shi agogo yana jiƙe. Idan kuwa gwajin ɗazu ya nuna lambar ba ta motsi, ka saita lokaci kawai ka ci gaba da ɗaurawa, domin yawanci hannayen za su yi ta tafiya daidai. Ranar da za ka kai wa mai gyara, ka gaya masa ƙarfe nawa hannayen suke nunawa lokacin da maɓallin ya cije, zai san inda zai fara dubawa.