Ciwon Ƙoda da Kayan Kanti: Likita na Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, maigidana ne ke da ciwon ƙoda da hawan jini. An ce ya rage gishiri, na kusa daina sa wa a miya, amma har yanzu ƙafafunsa na kumbura. Da safe indomi yake ci, miyarmu kuwa da magi nake gyara ta. Ina matsalar take? Daga wata uwargida, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Gishirin da kika rage shi ne wanda ake gani da ido, ragowar yana cikin ledoji da kwalayen da kike sayowa. Abin da ke riƙe ruwa a jiki daga cikin gishiri sinadarin sodiyam ne, kuma ƙodar da ta raunana ba ta iya zubar da shi da sauri. Yana taruwa ya jawo ruwa, ƙafa ta kumbura, jini ya hau. Iyakar da ake ba mai ciwon ƙoda ita ce kada ya kai miligiram 2,000 na sodiyam a yini, wato kimanin giram 5 na gishiri, ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, a dukkan abin da zai ci daga safe har dare.

Ki juya bayan ledar, ki nemi layin da aka rubuta Sodium ko Na. Wasu kamfanoni kan rubuta Salt a maimakonsa, kayan da ke shigowa ta Jibiya ko Kwangwalam daga Nijar kuma za ki ga Sel da Faransanci. Gishiri da sodiyam ba ma'auni ɗaya ba ne: giram 1 na gishiri yana ɗauke da miligiram 400 na sodiyam. Idan an rubuta gishiri giram 2, sodiyam ɗinsa miligiram 800 ke nan.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne a kan me aka auna lambar. Wani lokaci a kan giram 100 ne, wani lokaci a kan abin da kamfani ya ɗauka cin mutum ɗaya ne, wanda sau da yawa bai kai abin da magidanci ke ci ba. A ce ledar taliyar ta nuna sodiyam miligiram 1,500 a giram 100, ledar kuma giram 70 ce. Sai ki ninka 1,500 sau 70, ki raba da 100, ya ba ki 1,050. Babban mutum da wuya leda ɗaya ta ishe shi. Biyu sun zama 2,100, ya cinye kason yininsa tun kafin hantsi.

Mu koma tukunyar miya. Dunƙulen magi na giram 4, kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. A ce kwalinsa ya nuna sodiyam giram 21 a giram 100, kowane dunƙule miligiram 840 ke nan. Kin jefa huɗu, 3,360. Idan mutum shida za su ci miyar, rabon maigida 560 ne a ci ɗaya, ko da ba ki taɓa gishiri ba. Farin magi ma sodiyam ne, sai dai bai kai gishiri yawa ba. Ita kuma kanwa, duk da wasu na ɗauka fotasiyam ce, mafi yawanta sodiyam ce, don haka ki lissafa ta a sahun gishiri duk ranar da kika sa a wake ko miyar kuka.

A kanti ki riƙe lambobi biyu. Abin da sodiyam ɗinsa bai wuce miligiram 120 a giram 100 ba, mai sauƙi ne. Wanda ya haura 600, ki mayar da shi inda kika ɗauko. Na tsakiya a ci kaɗan, a lissafa. Miyar maigida ki ɗebe ta kafin ki sa magi, ki gyara da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da masoro. Harshe kan saba cikin 'yan makonni. Sannan ya riƙa hawa sikeli kowace safiya: idan ya ƙara kilo biyu cikin kwana biyu ko uku, ko numfashi na yi masa wuya in ya kwanta, ruwa ne ya taru, ku koma asibiti ranar.

Tambaya: Ina zuwa wankin ƙoda sau biyu a mako. An ce fosforas ɗina ya yi yawa, ga ƙaiƙayi ya hana ni barci. Na duba kwalaye da yawa ban ga inda aka rubuta adadinsa ba. Daga wani malamin makaranta, Daura.

Amsa: Malam, ba za ka gani ba a mafi yawansu, domin kamfanoni ba kasafai suke rubuta shi a teburin lambobi ba. Wurin dubawa shi ne jerin kayan haɗi, wannan rubutun ƙananan haruffa da kowa ke tsallakewa. Ba sai ka iya karanta dogayen sunayen ba. Haruffa huɗu za ka nema a jere a cikin kowace kalma: PHOS. A farkonta suke ko a tsakiya, ka gan su, an zuba fosfet ke nan, wato sinadarin da ke ɗauke da fosforas. Wasu kuma lamba kawai suke sawa, sai ka rubuta waɗannan a takarda ka sa a aljihu: E338, E339, E340, E341, E450, E451 da E452.

Dalilin da ya sa muke sa ido kan fosfet ɗin da ake zubawa fiye da na nama da wake shi ne yadda hanji ke tsotsarsu. Fosforas ɗin da ke cikin wake, gyaɗa da hatsi a ɗaure yake, bai fi kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari ke shiga jini ba. Na nama, kifi da madara, kashi 40 zuwa 60. Wanda aka zuba a masana'anta kuwa a narke yake, kashi 90 ko fiye na wucewa cikin jini. Abin da ya fi damun likita shi ne mai wankin ƙoda ya ji tsoron nama da ƙwai ya daina ci, jikinsa ya rame, alhali kullum da kwalbar baƙin lemo a gefensa. Kai kana bukatar abinci mai gina jiki fiye da mai lafiya, domin injin na tafiya da wani ɓangarensa. Farin ƙwai na da amfani a nan, gina jikinsa da yawa, fosforas ɗinsa kaɗan.

Wuraren da fosfet ya fi ɓuya: lemon kwalba mai launin baƙi, wanda tsaminsa daga E338 yake, madarar gwangwani ta ruwa, wadda sau da yawa ake sa wa E339 don kada ta tsinke, farar hodar da ake zubawa a shayi a madadin madara, cukuin kanti mai laushi, naman gwangwani da sosej, sai hodar tashin fulawa, wadda ke sa kek, biskit da fanken leda su zama abin lura. Kifin gwangwani ko ba a ƙara masa komai ba, ƙayarsa mai laushin nan da ake taunewa cike take da fosforas, sai a cire ta, a tsiyaye ruwan. Kwali biyu na abu iri ɗaya kan bambanta, ɗaya da fosfet ɗaya babu, don haka ka ɗauki biyun ka gwada su a hannu.

Ƙaiƙayin shi ne ɓangaren da kake ji. Wanda ba ka ji shi ne fosfet mai yawa na sa jiki ya zare kalsiyam daga ƙashi, ƙashi ya yi rauni, jijiyoyin jini kuma su sandare. A gwaji, na mai lafiya na tsakanin 0.8 da 1.5 mmol/L, kuma wanki sau biyu a mako ba ya kwashe duk abin da ya shiga ta baki. Idan an ba ka ƙwayar da ke kama fosfet, irin ta kalsiyam kabonet, a tsakiyar cin abinci ake shanta ko a tauna ta, domin a cikin hanji take aiki. Wanda ya sha ta da asuba ciki wayam, ya yi asarar kuɗinsa.

Tambaya: Na samo wa mahaifiyata wani gishiri a kanti da aka ce na masu hawan jini ne, har da lambar NAFDAC. Tana da ciwon ƙoda, tana shan lisinofiril. In ba ta? Daga wata ɗaliba, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: 'Yata, kada ki ba ta. Irin wannan gishirin an rage masa sodiyam an cike gurbin da fotasiyam, za ki ga an rubuta Potassium chloride, KCl ko E508 a jikinsa. Ga mai hawan jini da ƙodarsa ke lafiya yana iya amfani. Ga Mama haɗari biyu ne suka haɗu: ƙodar ba ta fitar da fotasiyam yadda ya kamata, maganin da take sha kuma yana ƙara riƙe shi, kamar yadda losatan da sifironolakton ke yi. Lambar hukuma tana nuna an yi wa kaya rajista ne, ba ta nufin ya dace da kowane majinyaci. Haka ma duk miya ko magin da aka yi tallarsa da cewa an rage masa gishiri, ki duba ko da E508 aka maye.

Fotasiyam ba ya yin gargaɗi kamar kumburi. A jini yakan tsaya tsakanin 3.5 da 5.0 mmol/L. Ya wuce 5.5, a gyara abinci a sake duba magunguna. Ya kai 6.0 zuwa sama, maganar gaggawa ce, domin bugun zuciya na iya rikicewa ko ya tsaya. Wani kan ji kasala a cinyoyi, ko dindiris a leɓe da yatsu, wani kuwa ba ya jin komai sai takardar gwaji ta nuna.

Amma ba kowane mai ciwon ƙoda ake hana wa fotasiyam ba. Idan gwajin Mama na ƙarshe daidai yake, kada ki raba ta da ganye da 'ya'yan itace. Idan ya hau ne za a sa ido, kuma a kayan kanti abin lura shi ne duk abin da aka ƙafe ko aka busar, domin ruwa ya tafi sinadarin ya zauna. Tumatirin leda na da kusan miligiram 1,000 a giram 100, leda ɗaya mai giram 70 kimanin 700 ke nan. A tukunyar mutum shida ba wani abu ba ne, kowa bai wuce 120 ba, amma leda guda a jalof ɗin mutum ɗaya ta yi yawa. Madarar gari ta fi haka, sai dabino, garin koko na shayi, soyayyen dankalin leda da lemon 'ya'yan itace na kwali. Inda aka rubuta adadin, abin da ya haura miligiram 200 a ci ɗaya a ɗauke shi mai yawa. Ranar asibiti ki ɗauki hoton bayan ledojin da take yawan amfani da su, ki kai wa likitanta tare da takardar gwajin jinin.