Kada ka sabunta kyamarorin haya duka a rana ɗaya

Tambaya: Ina da kyamarori shida ƙirar Nikon iri ɗaya da nake bayarwa haya. An fitar da sabuwar manhajar cikinsu, masu haya suna ta tambaya, ni kuma ina tsoron in taɓa su jarina ya lalace. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, fara da guda ɗaya tak, kuma ka zaɓi ranar da babu wanda ya kama ta har kwana uku a gaba. Idan ta yi aiki lafiya na mako guda, sai ka bi sauran biyar ɗin. Dalili shi ne, galibin kamfanoni ba su ba ka hanyar komawa tsohuwar manhaja ba. In sabuwar ta zo da tangarɗa, gara ta same ka a kyamara ɗaya.

Babban haɗarin yana wajen batir. Lokacin sabuntawa kyamara tana goge abin da ke ƙwaƙwalwarta ne tana rubuta sabo. Wuta ta yanke a tsakiya, an goge tsohon, sabon bai cika ba, sai ta rasa abin da za ta tashi da shi. Don haka ka sa batir na asali wanda ya cika taf, kana cire shi daga caja. A harkar haya wannan yana da wuyar samu fiye da yadda ake zato, domin baturan da ke yawo hannu-hannu sun gaji, wasu ma an musanya maka su da na kwaikwayo ba ka sani ba. Irin waɗannan sukan nuna rabi, minti biyu su mutu. Ware batir ɗaya mai lafiya, ka yi masa alama, kada ya fita haya.

Sai kati. Kwashe hotunan da ke kansa, sannan ka goge shi a cikin kyamarar kanta ta `Format memory card`, ba a kwamfuta ba, don kyamarar ta tsara shi yadda take karantawa. Sauko da fayil ɗin daga shafin kamfanin kawai, ka duba sunan ƙirar harafi da harafi: Z 6 daban, Z 6II daban. In ya zo a ƙunshe, ka warware shi har ka ga fayil mai ƙarewa da `.bin`. Shi za ka ɗora a farfajiyar katin, wato ba cikin wata jaka ba, kada ya shiga cikin jakar hotuna ta `DCIM`, kada kuma ka canza masa suna. Wanda ya sauko da fayil sau biyu yakan tarar kwamfuta ta maƙala masa `(1)` a suna, kyamara kuwa ta ƙi ganinsa. Fayil ɗaya a kati, kati ɗaya a kyamara, ramin na biyu babu komai.

Daga nan ka shiga `Firmware version`, ka rubuta lambar manhajar da ke nan, ka zaɓi `Update`, ka ajiye kyamarar a tebur ka janye hannunka. Kada ka taɓa maɓalli, kada ka buɗe ƙofar kati ko ta batir, kada ka cire gilashi. 'Yan mintoci ne, amma sandar da ke nuna ci gaban aikin a allo takan tsaya kamar ta mutu. A nan ne wasu suke ɓata kayansu da hannunsu. In ta gama, kashe ta, cire katin, kunna, ka tabbatar lambar ta canza, sannan ka sake goge katin.

To, a ce ta tsaya da gaske. Muddin fitilar kati tana ƙiftawa, aiki take yi. Ba ta kamar rabin awa. Idan babu motsi, kashe ta, cire batir na minti ɗaya, sa wani cikakke, ka bar katin da fayil ɗinsa a ciki, ka kunna. In ta tashi da tsohuwar lamba, ba a kai ga rubutu ba: sake sauko da fayil, canza kati, ka maimaita.  In kuwa allo ya ci gaba da zama baƙi bayan gwaji biyu, tsaya nan. Kada ka bari a kwance ta, kada ka gwada fayil na wata ƙira. Kai ta wurin gyara da kamfanin ya amince da shi, da rasit ɗin saye, ka faɗa musu lambar da take kai da wadda ka nufa. Wani lokaci su sake rubuta manhajar, wani lokaci sai an canza babban allon lantarki, wanda yake cikin kayan kyamara mafi tsada.

Ka kuma ƙara layi ɗaya a takardar haya: mai haya ba shi da izinin sabunta manhaja. Rubuta lambar manhajar kowace kyamara kusa da lambar jikinta, ka riƙa dubawa duk lokacin da aka dawo da ita.