Yadda ake buɗe zaman tattara dabaru

"Maigida, ƙungiyar matasan unguwarmu za ta zauna ranar Asabar a kan kwatar da ke toshewa duk damina, kuma ni aka ce in buɗe taron. Na sha ganin kana ce wa mutane su kawo kowace irin dabara, ko ta shirme ce, kada kowa ya kushe ta wani. Me zan faɗa su yarda? Kuma tara shirme ba ɓata lokaci ba ne?"

Ɗana, kafin ka rubuta ko kalma ɗaya ta jawabin, zauna ka gyara tambayar da za ka ɗora a gabansu. In ka ce musu "mu kawo shawara kan tsaftar unguwa", to ka buɗe ƙofar wa'azi da ƙorafi a kan gwamnati, za ku tashi ba ku da komai a hannu. Matse ta har ta zama abu guda da ido ke iya gani: "Ta yaya za mu hana ledar ruwa shiga kwatar layinmu kafin ruwan farko ya sauka?" Rubuta wannan da manyan baƙaƙe a kwali, ka manna a bango tun kafin mutane su iso. Rabin jawabinka ke nan ya riga ka zuwa.

Shi jawabin kuwa kada ya wuce minti uku. Na san al'adarmu, sai an gaida shugaba, an gaida mataimakinsa, an gaida ma'aji, an kawo tarihin kafa ƙungiya. A wannan zama kam, addu'a, gaisuwa ɗaya ta haɗe kowa, sai aiki. Duk wanda ka kira da muƙaminsa ka tuna wa ƙananan cewa akwai manya a ɗakin, alhali abin da kake so su ɗan manta ke nan. Ga kusan yadda nake faɗa, kai ma ka sa shi a bakinka:

"Jama'a, sannunku da zuwa. Tambayarmu guda ce, ga ta can a bango. Zamanmu na yau kashi biyu ne. Daga yanzu zuwa kiran la'asar tarawa kawai za mu yi, muna son dabara sittin a jikin wannan kwali. Mai tsada, mai ban dariya, wadda kake jin ba za ta yiwu ba, duk kawo ta, ita ma muna nema. A wannan kashi ba wanda zai ce an taɓa gwadawa, ba wanda zai ce ina kuɗin, ba wanda zai ce ba zai yiwu ba, har ni, har shugaba. In ka ji dabarar wani ta tsikare ka, ɗora taka a kanta, ba sata ba ce. Bayan sallah za mu dawo mu tace, a lokacin duk mai suka ya soka son ransa. Ba a shiƙa sai an tara hatsi a masussuka. Kowa ya ɗauki takardarsa."

Lura da abu biyu a ciki. Na farko, adadi. In ka ce "dabaru da yawa", kowa zai kawo guda ɗaya wadda ya tabbatar ba za a yi masa dariya ba, ya naɗe hannu. In ka ce sittin, ɗakin ya san masu hankalin ba za su isa ba, dole a shiga waɗanda ake jin kunyar faɗa. Na biyu, alkawarin lokacin suka, wanda yawancin masu buɗe taro ke mantawa. A kowace ƙungiya akwai mutum mai lissafi, sau da yawa ma'aji ne, wanda da ya ji dabara yake ganin raminta. Wannan mutum kuna buƙatarsa ƙwarai. In ka hana shi magana ba ka gaya masa yaushe zai yi ba, zai ɗauka wasan yara kuka zo yi, ya ɓata rai, fuskarsa kaɗai ta isa ta rufe bakin mutum biyar. In ya san bayan la'asar filin nasa ne, zai yi haƙuri.

Wannan tsari ba ni na ƙirƙiro shi ba. Wani mai kamfanin tallace-tallace ne a birnin New York, Alex Osborn, ya yaɗa shi, kuma a littafinsa na 1953 ya shimfiɗa ƙa'idoji huɗu: a jinkirta suka, a yi maraba da dabara komai baƙuntarta, a nemi yawa, a haɗa dabarun juna a inganta. Duk huɗun suna cikin ɗan jawabin nan, sai dai ban jera su kamar dokar makaranta ba, domin matasa ba sa riƙe jerin dokoki, suna riƙe abin da suka ga an yi.

Nan ne amsar tambayarka ta biyu. Dabaru goma na farko kusan kullum waɗanda kowa ya sani ne: aikin gayya, a sa kwandon shara, a kai kuka wurin kansila, a roƙi liman ya yi magana a huɗuba. Ba laifi gare su, amma da sun isa da kwatar ba ta toshe bara ba. Sai waɗannan sun ƙare ake fara tunani. To a ce ɗakin ya yi shiru, sai wani yaro daga baya ya ce, "A mayar da leda kuɗi mana, mu riƙa cefane da ita." Za a bushe da dariya. Abin da za ka yi a cikin wannan daƙiƙa ya fi duk jawabinka nauyi. Kada ka yi dariyar da ke nuna ka raina, kada kuma ka yabe shi fiye da yadda ka yabi sauran. Ka ce "madalla, ta ashirin da uku", marubuci ya rubuta ta da kalmomin yaron, "leda ta zama kuɗi", ba tare da ya gyara masa ba. Sannan ka juya ga ɗakin: "Wa zai ɗora a kan wannan?" Wani zai ce mai shago ba zai karɓi leda ba, sai ka nuna masa agogo ka ce bayan la'asar. Wata ta ce to a ba yaro alawa in ya kawo cikin bokiti. Wani ya ce mai gidan kallon ƙwallo ya karɓi buhun leda a maimakon kuɗin shiga ranar babban wasa. Wani ya ce ƙungiya ta tara buhunan ta sayar wa masu sayen roba, ta biya mai gidan kallon daga ciki. Ka ga inda aka iso? Dabarar ƙarshe ana iya gwada ta a mako guda, kuma ba wanda zai kai gare ta kai tsaye, sai ta bayan waccan da aka yi wa dariya. Mafi yawan na shirmen za su mutu a wurin tacewa, haka ya kamata. Minti ashirin kuka kashe musu, ba kuɗi ba.

Yabo ma hukunci ne, ka kiyaye shi. In ka ce wa dabarar wani "kai, wannan ita ce magana", duk wanda ya yi magana kafinsa ya ji an kayar da tasa, wanda bai yi ba kuma ya fara auna tasa da waccan. Kalma ɗaya ga kowa, da murya iri ɗaya.

Yanzu abin da jawabi ba zai iya yi maka ba, komai daɗinsa. A shekarar 1958 masu bincike a Jami'ar Yale sun gwada tsarin Osborn da ɗalibai. Suka sa wasu a rukuni na mutum huɗu suna faɗar dabaru tare, wasu kuma kowa shi kaɗai, daga baya aka haɗa nasu huɗu-huɗu. Waɗanda suka yi aiki su kaɗai sun kawo kusan ninki biyu. A 1987 wasu masana biyu a Jamus, Diehl da Stroebe, suka bi diddigin dalili, suka gano babban abin da ke cin dabaru shi ne jiran layi: mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, kai kuma kana riƙe da taka kada ta gudu, ba ka tunanin wata sabuwa, wani lokaci ma ka manta ta ko ka yanke cewa ba ta kai ba. Ƙara kunyarmu a kan wannan. Ƙane ba zai yi saurin magana gaban wansa ba, 'yan matan da ke zaune a gefe guda za su iya tashi ba su ce uffan ba.

Shi ya sa jawabin ya ƙare da "kowa ya ɗauki takardarsa". Minti biyar na farko shiru ne, kowa ya rubuta dabara uku, kowace a ɗan guntun takarda daban, ba suna. Da boko ko da ajami duk ɗaya ne, wanda ba ya rubutu ya raɗa wa na kusa da shi. In ku ashirin ne, ka ga sittin ɗinka sun cika tun ba a buɗe baki ba, ko da yake da yawa za su maimaita juna, ƙila bayan an haɗe masu kama a sami ashirin da 'yan kai. Tara su a hula, ka gauraya, ka karanta ɗaya bayan ɗaya ana rubutawa a kwali. Sai bayan nan a buɗe baki don ɗorawa har a cike sittin na gaske. Tun da ba a san mai kowace dabara ba, ta shugaba da ta autan ƙungiya sun zama ɗaya a bango.

Shugaban ma ka same shi tun ranar Juma'a, kai da shi kawai, cikin ladabi. Roƙe shi ya zama na ƙarshen magana, ko ya riƙe agogo. In ya fara faɗin ra'ayinsa, sauran zaman zai koma "ina goyon bayan abin da shugaba ya ce".

Za ka gane abin yana tafiya in kana jin "ko kuma a yi kaza" daga bakin mutane, marubuci yana kasa cim musu. Za ka gane ya lalace in mutum ya fara da "ban sani ba ko zai yiwu, amma", ko in mutum uku ne kaɗai ke ta juya maganar, ko in an shafe minti biyu ana bayanin dabara guda. Na farkon, katse shi da fara'a ka ce faɗi kawai. Na biyun, bi layi, kowa ɗaya, mai so ya ce a wuce. In kuwa shiru ya sauka wajen dabara ta talatin, kada ka firgita ka rufe. Ƙirga goma a zuciyarka, sannan ka jefa musu tambaya ta gefe: "Da muna da naira miliyan ɗaya fa? Da ba mu da ko sisi fa? Da yaran firamare ne kaɗai za su yi aikin fa?"

Bayan la'asar ka cika alkawari, in ba haka ba zama na gaba ba wanda zai yarda da kai. Haɗe masu kama da juna, ba kowa damar sa maki a kan guda uku da ya fi so, ku ɗauki biyar ɗin da suka fi maki ku auna su da tambaya uku: abin da ke asusu zai isa, za a gama kafin ruwan farko, kuma sai an nemi izinin mai unguwa ko a'a. A nan ka miƙa wa ma'aji alƙalamin. Kwalin kuma kada a yage shi, ka naɗe ka ba sakatare ya ajiye, domin in dabarar da kuka zaɓa ta ƙi, daga cikinsa za ku ɗauko ta biyu.