Tambarin gidan mai ya taɓa ja mini kunya

"Don Allah 'yan uwa, an turo mini hoton dogon layin mai an ce a Kano ne. Na ga tambarin Total a jiki. Wannan ya isa in yarda a Najeriya aka ɗauka?"

Wayyo ɗan'uwa, kada ka yarda, ramin da na faɗa ke nan. Lokacin da aka cire tallafin mai a 2023 aka turo mini irin wannan hoton, na ga Total, na tura wani zaure da muke ciki har da rantsuwa cewa hanyar Zariya ce. Wani bawan Allah, wanda ko gaisawa ba mu taɓa yi ba, ya zagaye wani lungu na hoton da jan layi ya rubuta "Malam mai bincike, a Kano ake rubuta Gasoil?" Bai tsaya nan ba, kwana uku yana dawo da maganar, har da dariya. Da ta bayan fage ya yi mini gyara da na gode masa. Har yau in na ga sunansa raina ɓaci yake.

Amma fa gaskiyarsa. Total na Najeriya, na Kamaru, na Gana, na Chadi, ba ya raba maka ƙasa. Abin da yake ba ka shi ne lokaci: a 2021 suka koma TotalEnergies da sabon tambari mai launuka, don haka in ka ga tsohon tambarin da yake kamar ƙwallo, ka fara zargin tsohon hoto ne. Zargi kawai, domin ba rana ɗaya aka sauya allunan ba.

Allon farashi za ka fara dubawa. Namu PMS da AGO da DPK ake rubutawa, ƙasashen Faransanci kuwa Super da Gasoil. Da na huce na buɗe hoton nawa sosai, sai ga allon OiLibya can tsallaken titi, bayan wata tirela. Wannan kamfanin tun 2018 ya koma OLA Energy, kuma a Nijar da Chadi da Kamaru ake ganinsa. Ka ga ƙasar ba tamu ba, shekarar ma ba ita ba.

Nemi ƙananan gidajen mai na 'yan ƙasa, su ne ba sa yawo. AA Rano ko Conoil, kana gida. GOIL ko kantin Melcom, Gana ce. Tradex na Kamaru ne, amma ya shiga Chadi, kada ka yi saurin yanke hukunci. MRS ma yana ruɗi, mutane na ɗauka namu ne kaɗai alhali yana Kamaru da Togo. In ka ga gidan mai na Shell kuwa, cire Najeriya, ba su da gidajen sayar da mai a nan, amma a Gana ga su nan birjik.

Kuma don Allah kada ka tura wa kowa tukuna. Sako mana hoton a nan, asalinsa ba wanda aka ɗauko daga fuskar waya ba, domin rubutun allon yana dusashewa.