Kakata ta ƙi kwanciya da mura, yaushe zan kai ta asibiti?

Tambaya: "Kakata tana fama da mura da zazzaɓi kwana huɗu ke nan, ta ƙi hutawa, wai za ta wuce. Me zan lura da shi?"

'Yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Haka tamu kakar ta yi bara, shekarunta sun haura 70. Zazzaɓin ya sauka a kwana na uku, sai ta tashi ta kama shara da wanki, mu kuma muka saki jiki. Bayan kwana biyu ya dawo da ƙarfi, tarin ya koma mai majina. Nan muka yi kuskure, domin zazzaɓin da ya tafi ya dawo sau da yawa alama ce cutar ta sauka huhu.

Abin da ya firgita ni shi ne da na ga ba ta iya ƙarasa magana sai ta tsaya ta ja numfashi, ga shi ta fara kirana da sunan mahaifiyata. Da muka kai ta asibiti, ma'aikaciyar jinya ta maƙala mata na'ura a yatsa, iskar jininta 89, alhali mai lafiya yakan kai 95 zuwa sama. Likita ya ce nimoniya ce, wato ciwon huhu, aka kwantar da ita kwana biyar.

Ki ƙirga numfashinta na minti ɗaya tana zaune. Idan ya kai 25, ko ta fara ruɗewa, ko ƙirji na ciwo, ko ta wuni ba fitsari, ki kai ta yau, ko da jikin ba zafi, domin tsofaffi kan yi nimoniya ba zazzaɓi.